Saƙonnin Abdulhadi mai sola zuwa ga tsofaffin abokan aiki da iyayen gidansa

Zuwa ga Injiniya Lawal, tsohon maigidana

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da warhaka, ya iyali? Yaronku ne Abdulhadi. Kamar yadda na sanar da ku lokacin da na zo sallama a ƙarshen 2024, na buɗe ɗan shago a Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, ina haɗa wa gidaje da shaguna wutar sola. Alhamdu lillahi ana taɓawa, kuma duk abin da hannuna ya iya a wajenku na koya.

Alfarma ɗaya nake nema. Na san akwai ƙananan ayyukan da ke zuwa ofis ku mayar da su saboda ba su kai a tayar da mota da ma'aikata ba: mai son faranti biyu ko huɗu, mai batirin da ya daina riƙe caji, mai inbatar da ke kuka da dare. Idan irin waɗannan sun zo, don Allah a ba su lambata, ko a ce wa Malam Sani na kanta ya turo mani su. Manyan kwastomominku kuwa ba zan je ƙofar ko ɗaya ba, wannan alkawari ne. In ma aiki ya zo mani da ya fi ƙarfina, kamar na asibiti ko gidan mai, wajenku zan kawo shi. Allah ya ƙara girma, ya ja da kwana.

Zuwa ga Nura

Mutumina, kwana biyu! Tun da ka koma harkar raba magani ka ɓuya. Ya Maman Hanif da yara?

Ba zan ja ka da nisa ba. Kai kullum kana cikin kemis-kemis, daga Ƙofar Marusa har Batagarawa, ka san wanda ke da firjin allura da wanda ke ƙona fetur a janareto don firjin nan kawai. Su nake nema. Ka san dai insulin da alluran rigakafi ana son su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma zafin watan Afrilu a garin nan ba ya wasa da kowa. Ina haɗa masu ƙaramin tsari da zai riƙe firji, fanka da ƙwan fitila uku ko huɗu dare da rana. Kafin in faɗi kuɗi sai na je na ga firjin da idona na karanta abin da yake ci, don ban yarda da ƙiyasin waya ba. Zuwa dubawar kyauta ne in cikin gari ne.

Sunan mutum biyu kawai nake so a wannan makon. Ka fara yi masu magana tukuna, in sun ce to, sai ka ba ni lamba. Ba na son in kira mutum ya ce wa ya ba ka lambata. Ga abin da za ka tura masu yadda yake, ba sai ka wahalar da kanka da rubutu ba:

"Salam Alhaji. Akwai abokina Abdulhadi, mun yi aiki tare a kamfanin sola, yanzu yana da shagonsa a Ƙofar Ƙaura. Yana haɗa sola ta firjin magani. Zai zo ya duba kyauta ya ba ka lissafi a rubuce. In ba shi lambarka?"

In aiki ya faɗa akwai na goro, kada ka ce mani a'a.

Zuwa ga Hajiya Binta, shugabar makarantar da na koyar

Assalamu alaikum Hajiya, ina wuni? Ya ɗalibai, ya fama da jama'a? Abdulhadi ne, wanda ya koyar da lissafi a ajin babbar sakandare kafin in koma aikin sola, ni ne kuma na sa maku farantai a ɗakin kwamfuta. Ina fata suna nan lafiya. Hunturu ya shigo, a riƙa sa maigadi yana wanke su da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin su yi zafi, ƙurar nan tana rage masu ƙarfi sosai.

Hajiya, yanzu ina cin gashin kaina. Na san kuna zama da sauran masu makarantu masu zaman kansu. Idan a cikinsu akwai wanda ke shirin gyara ɗakin kwamfuta kafin lokacin jarrabawa, ina roƙon ki ambace ni. In kuma ba damuwa, ki ba ni izini in kawo mutum ɗaya ko biyu su ga aikin da ke makarantarku, bayan an tashi, a ranar da kika zaɓa. Ganin aikin da ya daɗe yana ci ya fi duk bayanin da zan yi masu. In bai dace ba, wallahi ba komai. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Zuwa ga Malam Kabiru, Daura

Salam Malam Kabiru, ya Daura, ya aikin haƙa? Abdulhadi ne na wajen Injiniya, wanda muka kwana tare a aikin rijiyar burtsatse ta hanyar Mai'aduwa. Ni yanzu ina sa famfon sola da kaina. Kai kake haƙawa, kuma kai ake fara tambaya wa zai sa famfo. Duk mai gona ko mai gidan da bai riga ya yi magana da kowa ba, ka haɗa mu. Abin da nake buƙata daga wajenka zurfin rijiyar da yawan ruwan da take bayarwa, sauran nawa ne. Ina shigowa Daura ranar Asabar in Allah ya kai mu, zan biyo mu gaisa. Ni ma masu tambayata mai haƙa, sunanka nake ba su.

Zuwa ga Nura, bayan sati ɗaya

Mutumina, Allah ya bar zumunci. Alhajin Ƙofar Marusa ya kira, na je jiya bayan la'asar. Firjinsa ƙarami ne, amma ya jona firizar lemo da ruwan leda a layi ɗaya, shi ya sa wanda ya fara yi mashi lissafi ya faɗi kuɗin da ya tsorata shi. Na ce a raba su, firjin magani ya hau sola, firiza ta zauna a wutar gari. Na rubuta mashi farashi biyu, ɗaya da batir mai ruwa, ɗaya da na litiyom, na kuma gaya mashi gaskiya: mai ruwan ya fi araha yau amma sai ana duba ruwansa, na litiyom ya fi tsada ya kuma fi daɗewa. Ya ce zai yi shawara da ɗansa zuwa Juma'a. Kada ka matsa mashi, ka bar shi ya yanke da kansa.

Na biyun, mai kemis na Batagarawa, bai ɗauki waya ba, na bar mashi saƙo. In ka bi ta wajensa ranar Laraba ka tuna mashi sau ɗaya, ya isa.