Hoton ƙafar Auta: bayanin mai ɗaukar radiyo ga iyalinsa a Tawa

Baba, sannunku da jira. Ku zauna nan bisa kujera, ku jingine sandar a bango. Inna, ki matso kusa da allon nan mai fitila, daga can baya ba za ki ga abin da nake son nuna muku ba. Kawu, tun da ka ce baban yaron yana Abijan kuma tun jiya yake kira, kunna wayarka ka ɗauki muryata, in mun gama ka tura masa ya ji da kunnensa.

Na ga lokacin da Inna ta ɗaga hoton nan ga hasken taga ta yi salati. Na san abin da ya tayar mata da hankali: farin dunƙulen nan da ya kewaye ƙashin. Kawu ya ce mini a layi wani ya ce muku ƙari ne ya fito. Ba ƙari ba ne, ba ciwon daji ba ne, ba ruɓa ba ce. Shi ne abin da muke fatan gani tun ranar da aka kawo yaron nan da ƙafa a kumbure. Da na ɗauki hoton yau ban gan shi ba, da ni ne zan fi ku damuwa.

Bari in fara nuna muku yadda ake kallon hoton. Hasken na'urar yana ratsa jiki. Inda ya wuce ba wahala, kamar iska, wurin sai ya fito baƙi. Nama da jini su fito toka-toka. Ƙashi kuwa yana tare hasken saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinsa, shi ya sa yake fitowa fari. Harafin nan D da ke ƙurya yana nufin ƙafar dama. Hoto 2 nake ɗauka kowane zuwa, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe, don karaya tana iya zama daidai ta fuska guda alhali ta goce ta ɗaya fuskar. Babban ƙashin nan shi ne sangali, shi ke ɗaukar nauyin jiki. Siririn da ke gefensa bai karye ba, kuma alheri ne, ya zama kamar karan ɗori da Allah Ya ajiye a ciki.

Ga hoton ranar da ya faɗo daga amalanken jaki. Baba, ku bi yatsana. Wannan baƙin layi da ya ratsa sangalin a karkace shi ne karayar. Ku dubi bakinsa, kaifi gare shi kamar fasasshiyar ƙwarya.

Ga na biyu, kwana 12 bayan nan. Wannan ne ya sa Kawu ya ce mini abin ƙaruwa yake yi, kuma ban ga laifinsa ba, layin ya fi na farko faɗi. Haka yake yi. In magini zai gyara tsagar bango, ai sai ya fara kankare ɓurɓushin da ke baki-baki kafin ya sa ƙasa. Jiki ma sai ya cinye mataccen bakin ƙashin tukuna. A lokacin nan ɗorin ya riga ya fara: jinin da ya taru a wurin ya daskare, ya koma wani abu mai taushi irin guringuntsi, ya riƙe ɓangarorin biyu. Sai dai guringuntsi ba ya tare haske, don haka ido ba ya ganinsa a hoto. Yana nan, na'urar ce ba ta nuna shi.

To ga na yau, mako 6 cif. Farin abin nan mai kama da hadari, da ya taso ta wannan gefe da wancan, guringuntsin nan ne ya fara shan kalsiyam yana zama ƙashi. Ku lura da wani abu: bai tsaya gefe guda ba, ya haura karayar daga ɓangaren sama zuwa na ƙasa, kamar gada. A hoton gaba muna duba gefe 2, a hoton gefe muna duba 2, sun zama 4. Ɗaya, ga gada. Biyu, ga gada. Uku, ita ma ta haɗe. Na huɗun, nan ta gaban ƙwauri, da saura kaɗan, kuna iya ganin ɗan duhu a tsakiya. Wurin nan fata ce kawai a bisa ƙashi, ba nama mai yawa da zai kai masa jini, shi ya sa sau da yawa yake zuwa a ƙarshe. Shi kuma baƙin layin, ku gwada shi da na farko. Kaifinsa ya tafi, ya dushe, wani wurin ma sai an ƙura ido.

Inna, kin tambaye ni me ya sa ya yi tudu haka. Ke da kanki kin san yadda ake yaɓe rumbu in ya tsage: ba a shafa ƙasa daidai da tsagar, lafta ta ake yi har ta wuce, don sabon yaɓe bai kai tsohon gini ƙarfi ba. Sabon ƙashi ma haka, da kauri yake rama rashin ƙwarinsa. In ya fara taka ƙafar, jiki zai yi ta sassaƙe tudun a hankali, yana ƙarfafa inda nauyi ke bi, yana cire inda ba a buƙata. Watanni ake yi, wani lokaci har ya wuce shekara. Ran da aka cire simintin za ki shafa ƙwaurinsa ki ji ɗan ƙullutu mai tauri ƙarƙashin fata. Kada a murza shi, kada a sa aska, kada a yi masa ƙaho. A yara masu shekara 11 irinsa, tudun nan kan baje har ka neme shi a hoto da ƙyar.

Akwai wasu layuka 2 da nake so in riga ku faɗa, don kada ku je gida wani ya ɗaga hoton ya ce an ɓoye muku wata karaya. Wannan da ke ƙasan gwiwa, da wannan da ke saman idon sawu. Duk yaron da bai gama tsawo ba yana da su, daga nan ƙashi ke ƙara tsawo, kuma sai ya zama saurayi sosai suke rufewa. In na ɗauki ƙafar hagu za ku gan su a wuri ɗaya. Karayar Auta tana tsakiyar sangali, nesa da su, kuma wannan ya faranta mini rai ƙwarai, don karayar da ta taɓa wurin nan ita ce ke iya dagula tsawon ƙafa.

Baba, kun ce ƙashin tafin ƙafar ya yi kamar ya koɗe. Idonku bai yi ƙarya ba. Ƙashin da ya daɗe bai ɗauki nauyi ba yakan rage fari. Ƙafar ma za ta fito ta rame, fatar na saɓa, idon sawu ya riƙe, ya yi ɗingishi na wasu makonni. Tafiya ce ke mayar da su duka.

Yanzu maganar da ta fi damuna. Kawu ya faɗa mini a gida ana shawarar a fasa simintin a kai shi wurin maɗori ya ja ƙafar ya sake ɗaurawa, wai an daɗe. Baba, ina roƙonku don Allah kada ku bari. Ba raina kowa nake ba, ni ma a gidanmu na tashi na ga ana zuwa wurinsu. Amma ku dubi hoton nan: ƙashin a miƙe yake, ɓangarorin suna kallon juna, tsawon bai ragu ba. Babu abin da ya rage a ja. Farin nan da kuke gani ɗanyen yaɓe ne, ya kama amma bai gama bushewa ba. Hannu mai ƙarfi guda zai iya tsinka gadojin nan 3 cikin ƙiftawar ido, a koma ranar farko ko abin da ya fi ta muni. A ɗakin nan na ɗauki hoton yaran da aka yi wa haka, wani ƙafar ta haɗe a karkace, wani ɗaurin ya matse har jini ya daina kai wa yatsu. Ba na son in ga Auta cikinsu. Tofi da addu'a kuwa ku yi ta yi, a bisa simintin ma suna isa.

Ni aikina ɗaukar hoto ne da tabbatar da ya fito yadda za a karanta shi. Ranar cire siminti da ranar fara taka ƙasa, likitan ƙashi ne zai yanke, bayan ya haɗa hoton da abin da hannunsa ya ji a ƙafar. Yana iya ƙara masa wasu makonni, ko ya canza masa guntun siminti da ya tsaya ƙasan gwiwa. In ya ƙara, ba lalacewa ba ce, gefen nan na huɗu yake jira. Kafin ya ba da izini, sandunan nan su ne ƙafarsa. Auta, da kai nake. Na ga ƙasan simintinka ya yi baƙi ya cinye ta wajen diddige, na san kana takawa in Inna ta juya baya. Ƙwallo ba za ta gudu ba.

Kada ruwa ya shiga simintin, in za a yi wanka a naɗe shi da leda a miƙe ƙafar waje. In yana ƙaiƙayi kada ya cusa kara ko tsinke, rauni kan buɗe a ciki ba wanda ya sani. Abinci kuwa ba sai na kanti ba: furarsa ta ji nono sosai, a ba shi wake, ƙwai, ganyen zogale, kifin Tabalak in ya samu, nama gwargwadon hali. Da hantsi a fito da shi tsakar gida ya sha rana kaɗan.

Amma akwai abubuwan da in kun gani ba a jiran ranar da aka rubuta muku. In yatsun suka kumbura, suka yi sanyi, suka canza launi, ko ya ce ba ya jin su ko ya kasa motsa su. In ciwo ya dawo yana ƙaruwa har magani bai kwantar da shi ba. In wari ya taso daga ciki, ko ruwa ya ɓullo, ko zazzaɓi ya kama shi. In simintin ya tsage ko ya yi laushi. Ko tsakar dare ne ku nemi mota ku taho, na san hanyar Keita da nisa, amma ku taho.

Inna ta ce ko yawan radiyo na ƙone jini. Ba ya ƙonewa, Inna. Hasken da hoton ƙafa guda ke ba jiki ɗan mitsitsi ne, bai kai wanda kowannenmu ke samu daga ƙasa da sama cikin yini guda ba. Duk da haka ba ma ɗauka sai likita ya rubuta, kuma shi ya sa na tambayi ƙanwarki ko tana da juna biyu kafin in bar ta ta tsaya a ɗakin.

Ga hotunan duka 3, na mayar da su cikin ambulan. Kada a lanƙwasa su, kada a bar su a rana ko kusa da murhu, kuma duk zuwa a zo da su gaba ɗaya, don sai an jera su ake ganin tafiyar da ƙashin ya yi. Kawu, kafin ka kashe wayar ɗauki hoton wannan na yau yana bisa allo, ka matso da ita daidai farin wurin, baban ya gani. Baba, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya tashe shi bisa ƙafafunsa. Ƙofa ta biyu a hannun dama ita ce ta likita, ku miƙa wa ma'aikaciyar da ke bakin ƙofar takardar nan, za ta kira ku.