Wasiƙa zuwa ga iyayen Amina kan ragowar kuɗin makaranta

Litinin, 10 ga Fabrairu, 2025

Assalamu alaikum Baban Amina da Maman Amina,

Da fatan kuna lafiya, ya gida ya yara, ya kuma fama da wannan yanayi? Allah ya kawo mana sauƙi.

Dama maganar kuɗin makarantar Amina ce ƴar aji huɗu. A littafin akawunmu zangon farko an biya naira 15,000 cikin 45,000, saura 30,000 kenan, na wannan zangon kuma 45,000 ba a fara ba tukuna, duka ya kama naira 75,000. In kun yi taransifa ba mu ga alat ba ko akwai rasit a hannunku don Allah ku kawo mu duba, mu ma muna yin kuskure.

Mun rufe takardar nan a ambulan, Amina ba ta san abin da ke ciki ba, malamar ajinsu ma haka. Mu ba ma kiran sunan yaro a asembili kan kuɗi, ba ma korarsa gida ana tsakiyar darasi, ba shi ya ci bashin ba. Yarinya ce mai ƙoƙari wallahi, satin da ya wuce ita ta tashi gaban allo ta warware lissafin rabawa da ya gagari ƴan ajin, har da juyowa tana yi musu bayani da alli a hannu.

Mun san yadda kasuwa take, mu ma can muke cefane. Amma gaskiya da wannan kuɗin muke biyan albashin malamai da hayar gini da man janareta, kuma malaman nan su ma masu iyali ne, ga azumi ya ƙarato, ba zan iya kallon idonsu ƙarshen wata in ce su ƙara haƙuri ba.

Saboda haka muna roƙon ɗayanku ya leƙo ofis daga yau zuwa Juma'a 21 ga Fabrairu, daga ƙarfe 8 zuwa 12, ni da ku kawai za mu zauna. Ba sai kun haɗa duka ba, za a iya rabawa uku, 25,000 kowane wata, in ma hakan ya yi nauyi ku faɗi abin da za ku iya mu rubuta. Shirun ne ba za mu iya aiki da shi ba. In ranar ta wuce ba mu ji daga gare ku ba, Amina za ta ƙarasa zangonta ta zana jarrabawa kamar kowa, amma ba za mu sa sunanta a rajistar zango na uku ba sai mun zauna da ku, kuma ba ma so a kai nan.

In fitowa da safe zai yi wuya ku kira lambar ofis da ke jikin rasit, zan jira ku bayan an tashi.

Mun gode, a gaida mutan gida.

Naku,
Shugabar makaranta