Takarda zuwa ga Manaja: wane injin cika kwalba za mu saya?

Ranka ya daɗe,

Na duba injunan nan biyu kamar yadda ka umarta. Shawarata a sayi ƙaramin, duk da cewa lissafin farko ya fifita babban.

Ƙaramin kuɗinsa dala 50,000, zai yi shekara 3, yana kawo mana 24,000 duk shekara bayan an cire kuɗin gyara da wuta. Babban kuwa 80,000 ne, zai kai shekara 6, yana kawo 21,500. Na ɗauka babu wanda zai yi wata daraja idan ya gama aiki, kuma jarinmu yana cin mu kashi 10 cikin ɗari a shekara.

Idan aka dawo da kuɗin da zai shigo zuwa darajar yau, na ƙaramin ya kama 59,684. A cire kuɗin saye, saura 9,684. Na babban 93,638 ne, saura 13,638. Nan ne sashen sayayya suka tsaya suka ce babban ya fi. Amma ai ba gwaji ba ne a jera ribar shekara 6 da ta shekara 3, kamar dai za mu rufe masana'anta ranar da ƙaramin ya mutu. Wani za mu sake saye.

Saboda haka na raba ribar kowanne daidai wa daida a kan shekarunsa, tare da la'akari da darajar lokaci:

```
EAA = NPV × r / (1 − (1 + r)^−n)
```

EAA ita ce ribar da ta faɗo wa kowace shekara, NPV ita ce ribar nan a darajar yau, r kashi 10 ɗin, n kuma shekarun injin. A taƙaice, idan aka saka r da n na kowane injin a lissafin, za a raba 9,684 da 2.48685, a raba 13,638 da 4.35526. Ƙaramin ya ba da 3,894 a shekara, babban 3,131. Ratar 763 ce duk shekara.

Don kada a ce dabarar lissafi ce kawai, na gwada ta wata hanyar. A sayi ƙaramin sau biyu a jere, shekara 6 ke nan. Ribar zagaye na biyu a darajar yau 7,276 ce, jimilla 16,960, ta ɗara ta babban da 3,322.

Inda nake so ka sa ido shi ne nan: duk lissafin ya rataya a kan cewa bayan shekara 3 za mu sami irin injin a kan farashinsa na yau. Na auna wannan. Muddin bai wuce kimanin 54,400 ba, ƙaramin ne a gaba. Idan ya haura haka, babban ya karɓe. Ratar ba ta da faɗi, kusan kashi 9 ne kawai. Haka kuma idan kwangilar kwalaben za ta ƙare a shekara ta 3, sai a sake zama, don lissafin ya canja gaba ɗaya.

Ina roƙon a nemi dillalin ya rubuta mana farashin da zai sayar mana da wani ƙaramin bayan shekara 3 kafin ka sa hannu ranar Alhamis.

Na gode,
Akantan kamfani