Takardar Horas da Sabbin Ma'aikatan Kanti: Tarbar Masu Sayayya da Riƙon Kuɗi

Barkanku da zuwa. Wannan takarda ta duk wanda ya fara aiki ce a kantinmu na kayan masarufi da ke Gyaɗi-Gyaɗi, Kano. Ku karanta ta kafin ranar Litinin, ku zo da ita, domin Malam Habu zai bi ta da ku a gaban teburin kuɗi. A makonku na farko babu wanda zai riƙe durowa shi kaɗai.

Shinkafar da muke sayarwa da man gyaɗa da madara duk akwai su a kantin da ke tsallaken titi, kusan a farashi ɗaya. Abin da ke dawo mana da mutane shi ne sun san za a mutunta su, kuma canjinsu zai cika. Ku ne za ku riƙe mana wannan amana.

Tarbar mai sayayya

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Da mutum ya shigo, ku ajiye waya, ku ɗago kai, ku amsa sallamarsa da cikakkiyar murya, sannan ku ce: "Sannu da zuwa, me za a kawo?" Dattijo Baba ne ko Alhaji, dattijuwa Mama ce ko Hajiya, sa'anku kuma Malam ko Malama. "Kai" da "ke" tsirara ba su da wuri a nan. Wanda ba ya jin Hausa ku yi masa yaren da zai gane, ba tare da dariya ko ƙunƙuni ba.

Yaron da aka aiko da naira 200 ya sayi dunƙulen miya, kada ku bar shi tsaye saboda wani mai mota ya shigo bayansa. Wanda ya riga zuwa shi za a fara sallama. Uwar yaron nan ita ce za ta aiko sayen buhun sukari gab da azumi, kuma yara ba sa ɓoye yadda aka yi musu. Ku ƙulle masa canjinsa a cikin leda tare da kayan, kada ya zubar a hanya.

In cinkoso ya yi yawa, ku dubi mai jira ku ce: "Hajiya, a yi mini haƙuri, ina gamawa da Baba zan zo gare ki." In kaya ya ƙare, "babu" kawai ba amsa ba ce. Ku faɗi ranar da ake sa ran zuwansa, ko ku nuna makamancinsa. Kada ku yabi kaya da abin da ba shi da shi, kuma ku duba ranar lalacewar madara da tumatirin gwangwani kafin ku miƙa. Ma'auni ya cika. Kun san gargaɗin Suratul Muɗaffifin a kan masu tauye mudu.

Farashinmu a rubuce yake. Mai neman ragi ku ce masa: "Alhaji, haka aka rubuta, amma bari in kira manaja." Bashi ma haka, ko ɗan'uwanku ne. Wanda ya zo a fusace kuwa, ku bar shi ya gama magana, kada ku katse shi, kada ku ɗaga murya sama da tasa. Ku ba shi haƙuri, ku nemi rasit ɗinsa, ku kira Malam Habu.

Karɓar kuɗi da ba da canji

A nan nake so ku fi natsuwa, domin yawancin rigimar kanti a nan take tashi, kuma galibi gaggawa ce ke jawo ta.

Kowace safiya za a danƙa wa mai durowa canji na naira 30,000. Ku ƙirga a gaban wanda ya ba ku, ku biyu ku sa hannu a littafi. Daga nan durowar taku ce har tashi, babu mai sa hannu a cikinta, ko da lokacin fita salla ne. Ku kulle, ku tafi da makulli. Kuɗinku na aljihu kuma ya zauna a jaka a ɗakin baya. Kada ku yi canji da shi, ko da niyyar taimako ce.

Ga yadda ciniki zai tafi kullum:

1. Ku faɗi jimillar kuɗin kaya da baki, yadda mai sayayya zai ji.
2. Ku ƙirga abin da ya ba ku a gabansa, ku faɗi adadin.
3. Ku ɗora kuɗin a kan tebur, ku danne, kada ku jefa a durowa tukuna.
4. Ku ƙirga canji sau biyu: lokacin ɗaukowa, da lokacin zubawa a hannunsa.
5. Sai ya gamsu za ku shigar da kuɗin, ku ba shi rasit.

Mataki na uku shi ne maganin "ai dubu ɗaya na ba ka, ba ɗari biyar ba". Takardar tana nan a gabanku, kowa na gani.

Canji daga kuɗin kaya ake ƙirgo shi zuwa sama. A ce kayan Hajiya sun kama naira 7,350, ta ba da 10,000. Sai ku ce: "Hajiya, kin ba ni dubu goma. Ga hamsin, dubu bakwai da ɗari huɗu; ga ɗari, dubu bakwai da ɗari biyar; ga ɗari biyar, dubu takwas; ga dubu biyu, dubu goma cif." Canjinta 2,650 ke nan, ta kuma gani da idonta. Ku miƙa da hannun dama. Ba ma cike canji da alewa sai mai kuɗin ya yarda.

Akwai masu zuwa su rikita ku da gangan: ya ba da dubu, kuna cikin ƙirga ya ce a fasa masa wata, ya kuma ƙaro kaya. Ku ce: "Malam, mu gama na farko tukuna." Ciniki ɗaya a lokaci ɗaya.

Jabun kuɗi

Naira 5 da 10 da 20 da 50 na leda ne, daga 100 zuwa 1,000 na takarda. Masu jabu sun fi buga 500 da 1,000. Ku shafa ku ji kaushin rubutun, ku ɗaga ta wajen haske ku ga hoton da ke ɓoye cikin takardar da zaren tsaro. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, tsoffi da sabbi suke yawo tare, kuma duka muna karɓa.

In kun yi shakkar takarda, kada ku kira mutum ɓarawo, wataƙila shi ma ba shi aka yi. Ku ce: "Alhaji, a taimaka a sauya mini wannan." Kada ku yi rubutu a jikin kuɗi ko ku dunƙule shi, dokar Babban Banki ta 2007 ta hana.

Kati da taransifa

Na'urar POS sai ta nuna Approved ta fito da rasit kafin kaya ya fita. In ta nuna Declined amma mutum ya ce an cire masa, ku ba shi rasit ɗin ya kai bankinsa, ku bayyana masa cikin lalama cewa kuɗin bai iso mana ba. Ku kau da kai yayin da yake danna lambar sirrinsa. Taransifa kuwa, hoton da ke wayarsa ba shaida ba ne, alat na bogi ya yi yawa. Sai kuɗi ya bayyana a asusun kanti. Ku ba shi kujera ya zauna kafin kuɗin ya shigo. Ba a tura kuɗin kanti asusun ma'aikaci.

Lissafin tashi

Ƙarfe tara na dare za a rufe ƙofa, sannan a yi ƙirga, mutum biyu. Canjin safe, a haɗa da cinikin tsaba, a cire abin da aka fitar da izinin manaja. Misali, 30,000 da 186,500, a cire 12,000 na man janareta: 204,500 ya kamata a tarar. Kuɗin kati da taransifa shafinsu daban.

In an samu giɓi ko rara, ko na naira 50 ne, ku rubuta ku faɗa a daren. Kada ku cike daga aljihunku, kada ku ɗauke rara, domin haƙƙin wani ne da zai iya dawowa nema gobe. Wanda ya faɗi kuskurensa za mu zauna mu bi rasit tare da shi har mu gano inda aka kauce. Wanda ya ɓoye, wannan maganar Alhaji mai kanti ce.

Ku zo ranar Litinin ƙarfe bakwai da rabi na safe, da biro da wannan takarda.

Rabi'u, Manajan Kanti