Neman Tsayayyen Adireshin Intanet Na Fili Ga Shagonmu Na Mabera

Shagon Intanet da Buga Takardu,
Unguwar Mabera, Sakkwato.
3 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga Manajan Sashen Injiniyoyi,
Reshen Sakkwato.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne ina neman a ba layin shagonmu adireshin `IPv4` guda ɗaya, na fili, tsayayye wanda ba ya sauyawa. Lambar asusunmu tana jikin rasit ɗin watan jiya da na haɗo da wannan takarda.

Ga yadda shagon yake a halin yanzu. Muna da kwamfutoci 18 na kwastomomi, ɗaya ta teburin mai shago wadda ke lissafin lokaci, firinta biyu, da kyamarori shida masu zuba hoto a na'urar ajiya guda. Layinku yana shigo mana ta rediyon da ke kan ƙarfen rufin shago, megabit 30 saukewa, 10 aikawa. Rediyon gada ce kawai, ba ta raba adireshi. Kebul ɗinta yana shiga `ether1` na rautarmu ƙirar MikroTik mai `RouterOS 7`, kuma rautar ce da kanta take buga `PPPoE` da suna da kalmar sirrin da kuka ba mu.

Matsalar tana bayyana da umarni biyu, na farko a rauta, na biyu a kowace kwamfuta ta cikin shago:

```
/ip address print
curl ifconfig.me
```

Na farko yana nuna `100.72.14.9` a kan `pppoe-out1`, na biyu kuma yana dawo da wata lamba daban. Adireshin farkon yana cikin zangon `100.64.0.0/10`, wanda aka ware tun 2012 domin `CGNAT`. Ke nan mu da wasu kwastomominku masu yawa duk ta ƙofa ɗaya muke fita, duniya kuma fuska ɗaya take gani. Lambar wajen ma ba ta zama wuri ɗaya. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, kafin inbata ta karɓa rediyo ta mutu ta tashi, sai `PPPoE` ya sake bugawa, sau da yawa mu fito da sabuwar lamba.

Ban ga laifinku a wannan tsari ba. Na san adireshin `IPv4` ya yi ƙaranci, AFRINIC ma, hukumar da ke raba adireshi a Afirka, tun farkon 2020 ba ta ba kamfani fiye da `/22` a nema ɗaya, wato adireshi 1,024. Ga mai kallon bidiyo a gida, `CGNAT` ba ya hana shi komai. Shagon kasuwanci ne abin yake cuta, kuma ga inda yake cutar mu.

Babba a ciki shi ne dillancin kati, data da biyan kuɗin wuta. Kamfanin da muke wa dillanci ba ya karɓar umarnin sayarwa sai daga adireshin da aka yi wa rajista a wurinsu. Da lambar wajen ta sauya, sai sabarsu ta mayar mana da `403`, ciniki ya tsaya har sai mun aika musu sabuwar lamba sun shigar, abin da kan ci rabin yini. Akwai kuma abin da ya fi wannan tayar da hankali. Lambar da muka yi wa rajista ba tamu ce mu kaɗai ba, duk wanda ke bayan wannan ƙofa tare da mu yana fita da ita. Katangar da kamfanin ya gina don kare asusunmu ta zama ta kara.

Na biyu, shafuka da yawa suna ƙirga buƙatun da ke zuwa daga adireshi guda. Lokacin rajistar ɗalibai, idan 'yan Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari suka cika shago, ga masu cike takardun bautar ƙasa, sai shafi ya riƙa tare mu da gwajin zaɓen hotuna, wani ma ya kulle mu na ɗan lokaci. Kwamfuta 18 kaɗai ba su cika kai mu wannan iyaka ba. Namu ne ake haɗawa da na maƙwabtan da ba mu sani ba, idan kuma wayar wani a cikinsu ta kamu da cuta tana watsa saƙonnin banza, bakin jinin ya shafe mu duka.

Na uku, ba a iya shigowa shagon daga waje. Mun buɗe ƙofa a rauta da `dst-nat`, mun kunna `DDNS`, duk a banza, domin `DDNS` suna kawai yake ɗaurawa a kan lambar waje, ita kuma lambar a na'urarku take tsayawa, ba ta san wa za ta miƙa wa baƙon da ya ƙwanƙwasa ba. Kyamarori muna kallonsu ta sabar kamfanin da ya ƙera su, hoton yana zagayawa ƙasar waje kafin ya dawo Sakkwato, yana tsinkewa. Gyaran rauta ko kwamfutar lissafin lokaci kuwa sai an tako ƙafa an zo.

Abin da nake nema takamaimai shi ne adireshin ya sauka a kan rautata. Hanya mafi sauƙi gare ku, a ganina, ita ce ku ɗaura `/32` guda a kan sunan `PPPoE` ɗinmu ta `Framed-IP-Address` a sabarku ta `RADIUS`. Da haka ba sai mun taɓa komai a nan ba, yanke layi da sake bugawa kawai, kuma ba ku yi asarar adireshi ko ɗaya ba. Idan tsarinku bai ba da wannan ba sai `/30`, na karɓa, ko da yake yana cin adireshi huɗu don a ba ni ɗaya. A wannan hali ku rubuto mini adireshin, `subnet mask`, `gateway`, sabobin `DNS` biyu, da lambar `VLAN` in akwai. Ba na buƙatar `/29`, guda ya ishe ni.

Ina roƙon a kula da abu biyu da kan jawo saɓani. Kada a tsayar mini da lamba a cikin `100.64.0.0/10` ko `10.0.0.0/8` a ce an ba ni tsayayyen adireshi; ya tsaya ɗin, amma ba na fili ba ne, ba zai warware ko ɗaya daga cikin abin da na lissafa ba. Haka kuma ban so a ajiye adireshin a na'urarku a riƙa turo mini ta `1:1 NAT`. Yana aiki, amma rautata ba za ta san lambarta ta gaskiya ba, kuma duk ranar da abu ya lalace sai an yi ta jayayya a kan ko daga ɓangaren wa ne. Idan ita ce kaɗai hanyar da kuke da ita, ku faɗa mini tun yanzu in san abin da nake saya.

Kafin a miƙa mini lambar, don Allah a duba tarihinta a jerin Spamhaus da makamantansa. Adireshin da wani ya ɓata ya bari, wanda ya gaje shi ne ke shan wahalar wanke shi. A kuma gaya mini ƙofofin da kuke toshewa daga sama. Ƙofa ta 25 ku bar ta a toshe, ba ni da sabar wasiƙu kuma ba na shirin kafawa. Wadda nake buƙata a buɗe ita ce `UDP 13231`, ta `WireGuard`.

Na san adireshin fili kamar gida ne a bakin titi, cikin ɗan lokaci masu laluben ƙofofi za su fara taɓawa. Don haka ba zan buɗe kyamara ko na'urar ajiya kai tsaye ba, ba 554 ba, ba 80 ba. Ƙofa ɗaya ce za ta kasance a buɗe, ta `WireGuard`, da mabuɗi biyu kacal, na wayata da na kwamfutar mai yi mana gyara. Sai an shiga ta nan a ga sauran.

```
/ip firewall filter
add chain=input connection-state=established,related action=accept
add chain=input protocol=udp dst-port=13231 action=accept
add chain=input in-interface=pppoe-out1 action=drop
```

`Winbox` a ƙofa ta 8291 ba zai amsa daga waje ba sam. Ta nan ne aka fasa rautocin MikroTik masu ɗimbin yawa a 2018, waɗanda masu su suka bar ƙofar a buɗe ba su sabunta manhaja ba. Na kuma rufe amsa tambayar `DNS` daga waje, don kada a mayar da layinmu bututun kai wa wasu hari, ya cinye megabit 10 ɗin da muke da shi na aikawa. Kwamfutocin kwastomomi suna zangonsu daban, ba sa ganin kyamarori ko kwamfutar lissafin lokaci.

Tun da lambar za ta zama tamu mu kaɗai, duk ƙorafin da ya zo a kanta mu zai nuna, na kuma yarda da hakan. Muna riƙe da littafin sa hannun masu shiga kamar yadda sashe na 7 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya wajabta wa shaguna irin namu, da suna, da lambar kwamfuta, da lokacin zama da na tashi. Idan ƙorafi ya iso muku, ku turo mini da rana da sa'a da minti, zan gano kujerar da abin ya fito.

Game da ranar sauyi, na fi son Juma'a tsakanin ƙarfe 12:30 da 2:30 na rana, lokacin shago yana rufe an tafi masallaci. A sanar da ni kwana biyu kafin nan, tare da lambar da za a ba ni, domin in riga in kai wa kamfanin dillancin su shigar da ita. Ina so injiniyanku ya kasance a kan waya har mu gama gwaji. Za mu ga ko lambar da ke kan `pppoe-out1` ta yi daidai da wadda `ifconfig.me` ya nuna. Za mu kashe rauta da rediyo sau uku mu ga ko ta dawo yadda take. Sannan in kashe `Wi-Fi` a wayata, in shigo ta `WireGuard` da datar waya in buɗe kyamara. A ƙarshe mu tabbatar `MTU` bai sauya daga yadda yake ba. `PPPoE` ba ya wuce 1492 a bisa al'ada, kuma idan aka samu kuskure a nan sai ka ga ƙananan shafuka suna buɗewa, amma ɗora fasfo ko takardar shaida ya maƙale a rabi, wanda shi ne rabin aikin shagonmu. In gwajin bai yi ba, a mayar da mu tsohon tsari kafin a sauko daga masallaci.

Sauran tambayoyina na kuɗi ne da sharaɗi, kuma ina so amsarsu ta zo a rubuce. Nawa ne kuɗin adireshin a wata, kuma akwai kuɗin haɗawa na farko? Idan biya ya yi jinkiri, kwana nawa kuke riƙe mini lambar kafin ku ba wani? Idan kun mayar da mu wata hasumiya, ko muka koma layin faiba nan gaba, lambar za ta bi mu? Idan dole ta sa ku sauya ta, ina neman sanarwar kwana 30. A shirye nake in biya wata uku gaba ɗaya.

In kuna raba `IPv6`, a haɗa mini da `/56` tsayayye, ko `/60` in shi ke samuwa, don kowane zango na shagon ya samu `/64` nasa. Sai dai ba zai maye gurbin wannan buƙata ba, domin kamfanin dillancin `IPv4` kaɗai yake karɓa.

Na haɗo kwafin rajistar sunan kasuwanci, da rasit, da hoton allo mai nuna lambar `pppoe-out1` da ta `ifconfig.me`. Idan akwai fom ɗin da ake cikewa, a aiko mini ko a sa mini ranar da zan zo ofis. Ana samuna a shago daga 8 na safe zuwa 9 na dare, ban da lokutan salla.

Allah Ya ƙara girma.

Naku,
Mai shagon intanet da buga takardu,
Mabera, Sakkwato.