Ma'aunin filla-filla da ma'aunin dunƙule: takarda zuwa ga malaman sashen harsuna

Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai.

A zamanmu na makon jiya Malama Hadiza ta tambayi dalilin da ya sa na ce a duba aikin aji da ma'auni ɗaya, a duba jarrabawar ƙarshen zango da wani dabam. Ƙararrawa ta katse mu kafin in gama amsawa, shi ya sa na rubuta wannan, musamman saboda ɗaliban koyon aikin koyarwa su huɗu da ke tare da mu a wannan zangon.

Abin da littattafan kwalejin ilimi ke kira ruburik, ni ma'aunin maki nake ce masa. Takarda ce da malami ke rubutawa tun kafin ya taɓa aikin ɗalibi, ta faɗi abin da ake nema da kuma yadda aiki yake kama a kowane mataki, daga mafi inganci zuwa mafi rauni. Asalin kalmar daga Latinanci yake, inda take nufin jar ƙasa da ake rubuta kanun magana da ita. Ashe jan biro ya daɗe yana bin mu. Ma'aunin iri biyu ne. Na filla-filla, wato analitik, yana rarraba aikin gida-gida, kowane gida da makinsa, sannan a haɗa jimla. Na dunƙule, wato holistik, yana sa malami ya karanta aikin gaba ɗaya ya ajiye shi a mataki guda, maki ɗaya tak. Dillalin raguna a kara dunƙule yake yi: ya zaga rago, ya dafa gadon bayansa, ya faɗi kuɗi. Tela kuwa filla-filla yake yi, kafaɗa dabam, hannu dabam, tsawo dabam, domin idan riga ta dawo yana so ya san inda zai farke.

Kafin mu shiga zaɓi, ya kamata mu san me ya sa ake buƙatar ma'auni tun farko. A 1961 Paul Diederich da abokan aikinsa a Amurka sun ba mutum 53 rubutun ɗalibai 300, suka ce kowa ya kasa su mataki tara, ba tare da an ba su wata ƙa'ida ba. Masu karatun akwai malamai, akwai marubuta da editoci, akwai lauyoyi da 'yan kasuwa. Takardu 101 sun sami kowane maki daga 1 har 9, kuma babu takardar da ta sami ƙasa da makuna biyar mabambanta. Da aka bi diddigi sai aka ga kowa da abin da idonsa ke kamawa: wani tunanin marubuci, wani tsarin rubutu, wani zaɓen kalmomi, wani kurakuran ƙa'ida. Saboda haka a kiyaye: ma'aunin dunƙule ba shi ne "na duba na ga ya yi kamar sha biyu" ba. Wannan ba ma'auni ba ne, shi ne ainihin abin da mutanen nan 53 suka yi.

Mu ɗauki insha'in da 'yan aji biyu na babbar sakandare suka yi, "Ranar kasuwar garinmu", a kan maki 20. Ma'aunin filla-filla da muke amfani da shi gida huɗu ne: ƙunshiya 6, tsari 4, sarrafa harshe 6, ƙa'idojin rubutu 4. Tsarin nan ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa duba insha'in Ingilishi na WAEC, inda maki 50 ke kasuwa haka: ƙunshiya 10, tsari 10, sarrafa harshe 20, tsabtar rubutu 10. Kowane gida kuma yana da bayanin matakansa. A gidan tsari, misali, maki 4 na wanda ya buɗe, ya bi al'amura bi da bi, kowane sakin layi na ɗauke da magana ɗaya, ya kuma rufe. Maki 3 na wanda ya yi haka amma sakin layi ɗaya ya kauce ko rufewar ta zo a gaggauce. Maki 2 na wanda yana da abin faɗa amma ya zuba shi a sakin layi ɗaya ko biyu, mai karatu ke ta tsinta. Maki 1 na jimloli ne da ba su riƙe da juna.

Ga abin da ya fito. Ladidi ta sami 12, Sagir ma 12. Ladidi ta kai mu rumfar masu daddawa har sai da muka ji wari, ta kawo cinikin da aka yi a kan kwanon gero da bakin masu cinikin, ta ci 5 a ƙunshiya, 3 a tsari, 4 a harshe. A ƙa'idojin rubutu sifili ta samu: babu ƙugiya ko ɗaya a takardarta, "kafa" take rubutawa inda take nufin "ƙafa", tana raba "yana" gida biyu, babu aya sai a ƙarshen shafi. Sagir kuwa takardarsa tsaf, 4 cikin 4 a ƙa'ida, 3 a tsari, 3 a harshe, amma 2 a ƙunshiya, don abin da ya faɗa bai wuce cewa kasuwa na da mutane da kaya iri-iri ba. Da maki ɗaya muka rubuta musu, da yaran nan biyu sun koma gida suna zaton ciwonsu ɗaya. Ladidi mako biyu na aikin ƙa'idojin rubutu take buƙata. Sagir buƙatarsa a tura shi kasuwa da littafi a hannu ya dawo da abu biyar da ya gani da idonsa.

Wannan shi ne amfanin filla-filla, kuma yana da na biyu wanda ba a cika ambata ba: yana nuna wa malami nasa rauni. Idan ka duba shafin maki ka ga kashi biyu cikin uku na ajinka sun faɗi a gidan tsari, to ba yaran ba ne, darasin sakin layi ne bai shiga ba, sai a sake shi. Haka nan idan uba ya zo yana tambayar me ya sa ɗansa ya sami 9, kana da abin nunawa.

Yanzu ga na dunƙule a kan insha'in guda. Mataki huɗu ne. Na sama, 17 zuwa 20: rubutu ya amsa abin da aka tambaya da misalai na zahiri, yana tafiya a tsare, harshe ya zauna, kurakurai kaɗan ne kuma ba sa tare mai karatu. Na biyu, 12 zuwa 16: ya amsa tambaya, akwai misalai ko da ba su yi zurfi ba, ana bin zaren magana, akwai kurakurai amma ma'ana na fita. Na uku, 7 zuwa 11: ya taɓo batun sama-sama, tsari na yankewa, sai an maimaita karatu kafin a gane wasu wurare. Na ƙasa, 6 zuwa ƙasa: ya kauce wa tambaya ko ya yi gajarta ƙwarai, ko kurakurai sun rufe ma'ana. Malami ya karanta sau ɗaya, ya ga wane bayani ne ya fi kama da takardar, ya sa maki.

Ribarsa ta fari lokaci ce, kuma kada kowa ya ji kunyar faɗin haka. Malamin da ke da aji huɗu masu ɗalibai 80 kowanne yana da takarda 320. Da gida huɗu, hukunci 1,280 ke jiransa. Na gwada da agogo a kaina: filla-filla na cin mini kamar minti biyar a takarda, dunƙule minti biyu. Wato wajen awa 27 a can, ƙasa da awa 11 a nan, ga ofishin jarrabawa na jiran sakamako cikin mako guda. Malamin da ya ɗauki filla-filla a irin wannan matsi, a takarda ta ɗari zai fara sa maki ɗaya a ransa sannan ya rarraba shi cikin gidajen don shafi ya cika. Na taɓa yi, na san yadda abin yake. Gara a yi dunƙule da gaskiya da a yi wannan.

Ribarsa ta biyu ta fi wuyar bayani. Akwai aikin da in ka yanka shi gunduwa-gunduwa sai ransa ya fita. Waƙa ce, ko gajeren labari, ko jawabin muhawara. Ɗalibi na iya cika kowane gida, amsa-amo daidai, ƙwar biyar cif, jigo a fili, ya tashi da maki mai yawa, waƙar kuma ba mai son ya sake jin ta. Wani ya karya ƙa'ida sau biyu amma aji ya yi tsit yana sauraro. Jimlar gidaje ba ta ganin wannan, idon malami mai karanta abu ɗungurungum yana gani.

Sai dai dunƙule na da inda yake tuntuɓe. Takardar Ladidi ita ce shaida: ƙunshiyarta ta mataki na sama ce, ƙa'idarta ta ƙasa, babu bayanin da ya dace da ita, malami biyu za su iya rabuwa da maki biyar a kanta. Kyan hannu ma na ruɗar mai dunƙule, haka tsawon rubutu, haka takardar da ta biyo bayan wata mai rauni, sai ta yi kamar ta fi ƙarfinta. Maganin da na sani shi ne takardun misali: kafin a fara duba, a zaɓi takarda ɗaya ga kowane mataki wadda duk mun yarda da makinta, a ajiye a gefe, a riƙa komawa gare ta duk bayan takarda ashirin ko talatin. A kuma rubuta a ƙasan ma'aunin abin da zai rinjaya idan ɓangarori suka saɓa. Mu a nan ƙunshiya ce ke rinjaye.

To yaushe za a ɗauki wanne? Tambayar da nake yi wa kaina ita ce: takardar nan za ta koma hannun mai ita ya gyara? In za ta koma, kamar aikin gida, daftarin farko, gwajin tsakiyar zango, ko aikin da zai ɗauki makonni, filla-filla ne, kuma a ba yara ma'aunin tun ranar da aka ba da aikin, a rubuta shi a allo su kwafa. In makin rajista kawai zai shiga, kamar jarrabawar ƙarshen zango, tantance 'yan gasa, ko amsa mai layi biyar da ba ta da abin rarrabawa, dunƙule ya isa. Sabon malami ya fara da filla-filla ko da zai ci masa lokaci, domin gidajen su ke horar da ido. Idan kuma mutum uku ko huɗu ne za su raba takardun aji ɗaya ba tare da sun sami zaman daidaita hannu ba, nan ma filla-filla ya fi tsare adalci.

Gargaɗi ɗaya ga masu rubuta nasu ma'aunin. Kada gidaje su wuce huɗu ko biyar, kada kuma a hukunta kuskure ɗaya a gida biyu, misali a rage wa yaro a harshe a sake rage masa a ƙa'ida saboda aya guda. Sannan "madalla", "da kyau", "da dama-dama" ba bayanin mataki ba ne. A faɗi abin da ido zai gani a takardar.

Ranar Alhamis bayan sallar azahar za mu zauna a ɗakin malamai. Kowa ya zo da takardu biyar daga insha'in kasuwa, a rufe sunaye da makin da aka riga aka sa. Za mu duba su da dunƙule tukuna, kowa shi kaɗai, sannan da filla-filla, mu ga inda hannayenmu suka rabu. Daga cikinsu za mu fitar da takardun misali huɗu na jarrabawar wannan zangon. Malam Isyaku zai kawo kwafin ma'aunan biyu.

Na gode.

Shugabar sashen harsuna