Rahoton Bashin Kwastomomi, 30 ga Yuni 2025

Alhaji, ga bashin shinkafa da man gyaɗa da muke bi, an raba shi bisa kwanakin da suka wuce bayan wa'adin biya:

Wa'adi bai cika ba: ₦2,400,000
Kwana 1–30: ₦1,150,000
Kwana 31–60: ₦620,000
Kwana 61–90: ₦180,000
Sama da 90: ₦950,000
Jimla: ₦5,300,000

Ana ƙirga kwanakin ne daga ranar da wa'adi ya cika, ba ranar ɗaukar kaya ba. Layi biyu na farko ba abin damuwa ba ne, waya ta isa. Na ƙarshen ne matsala: ₦700,000 a ciki na mutum ɗaya ne, mai shagon nan na Dawanau. A ganina, kada a ƙara ba shi ko buhu ɗaya sai ya rage.